Takardar tiyatar Goggo da ƙyalle na ashirin

Goggona, yayar babana, ta shekara talatin da ɗaya tana aiki a ɗakin tiyata na ɓangaren haihuwa. Ita ce malamar jinyar da ke tsayawa kusa da likita tana miƙa masa kayan aiki. Gajera ce, sai ta taka ɗan benci kafin ta kai tsayin gadon tiyata, amma idan ta hau bencin nan babu mai ja da ita. A asibiti Sista Ƙidaya ake kiranta. Ni kuwa da na gama karatun ungozoma aka turo ni asibitin, tun ranar farko ta ja ni gefe ta ce, "A gida ni goggonki ce. A nan kika kira ni Goggo, sai kin wanke bokitai mako guda."

Abin da ya fi ci mata rai a aikin shi ne rubutun da likitoci ke yi bayan sun ciro jariri ta tiyata. Kowa da irin nasa. Wani shafi biyu, wani layi biyu, wani kuma sai ka rantse kaza ce ta yi tono a takardar. Wata rana aka kawo mace tana naƙuda, da tabon tsohuwar tiyata a mararta. Aka lalubo fayil ɗinta, abin da aka tarar kawai shi ne: "An yi aiki, an ciro namiji, uwa lafiya." Ba a faɗi dalilin aikin ba, ba a faɗi yadda aka yanka mahaifa ba. Tabon fata kuwa ba ya nuna yankan da ke ciki. Idan a kwance aka yanka a ƙasan mahaifa, sau da yawa mace za ta iya gwada haihuwa da kanta a asibiti. Idan a tsaye ne daga sama, naƙuda na iya yaga wurin. Da yake ba wanda ya sani, sai aka sake yi wa matar tiyata tana kuka tana cewa ita da kanta ta so ta haihu.

Goggo ta koma gida ranar fuska a murtuke. Ta share teburin cin abinci, ta ɗauko rula da biro, ta fara ja wa farar takarda layuka. Mijinta, wanda direban motar haya ne da ya ajiye aiki, ya leƙo ya ce, "Gida za ki gina mana?" Ta ce, "Likitoci zan gina wa, kowa ya san ɗakinsa."

Mako biyu ta yi tana gogewa tana sakewa, tana tare babbar likitar sashen a bakin ƙofa da tambayoyi, har takardar ta tsaya a shafi ɗaya. A sama akwai sunan mai jego, rana da lokaci, da sunayen duk waɗanda suka yi aikin. Sai gurbin dalilin tiyata, da ko ta gaggawa ce ko shiryayya. Sai abin da aka tarar a ciki: kwanciyar jariri, launin ruwan faya, inda mabiyiya take da ko ta fita duka, lafiyar mahaifa da bututun ƙwai, da irin yankan da aka yi wa mahaifar. Sai jinin da ya zuba, da lamba, don ta ce ta gaji da ganin "kaɗan" da "daidai misali". Sai ƙidayar ƙyallayen tsane jini da allurai da ƙarafan aiki, da wurin sa hannun mutum biyu. A ƙarshe ɗinki: mahaifa hawa nawa, da wane zare, sannan jijiyar bangon ciki, sannan fata.

Babbar likita ta sa hannu, aka buga tuli guda aka ajiye a kan teburin da ke bakin ɗakin tiyata. Kowa ya karɓa ban da wani likita da muke kira Dogo. Gwani ne, hannunsa da sauri da tsafta, amma biro yake gani kamar maciji.

"Sista, ni likita ne ko ɗan makaranta? Cike gurbi kuma?"

"Ranka ya daɗe, ai ɗan makaranta ana iya karanta rubutunsa."

Ya yi dariya, amma ya ci gaba da halinsa. Yakan ja dogon layi ɗaya ya ratsa gurabe huɗu, ya rubuta "lafiya lau" a gefe.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, aikin kuma shiryayye. Matar mai ɗinki ce, cikinta na fari, jaririn ya ƙi juyowa, ya zauna da ɗuwawu a ƙasa. An yi mata allurar kashe zafi ta gadon baya, don haka idonta biyu, an dai kare ta da labule daga ƙirji. Bakinta kuwa bai mutu ba. Tun kafin a fara take ce wa Dogo, "Likita, don Allah a yi ɗinki mai kyau, ni ma sana'ata ce, zan duba."

Kafin a sa wuƙa, Goggo da abokiyar aikinta, malamar da ke zirga-zirga a ɗakin, suka ƙirga komai da babbar murya. Ƙyallayen suna zuwa ne biyar-biyar a ɗauri. Aka buɗe ɗauri huɗu, aka rubuta ashirin a allon bango. Ni aikina in karɓi jariri. Cikin 'yan mintuna Dogo ya zaro wata ƙatuwar yarinya, ta canyara kuka tun kafin a yanke cibiya. Na tara tawul na karɓe ta, na nuna wa uwar, na wuce da ita kusurwar da ake ɗumama jarirai.

Ina can ina goge ta na ji Goggo ta fara ƙidaya ta biyu, wadda ake yi kafin a rufe mahaifa. Ta kai sha tara ta tsaya. Ta sake daga farko. Sha tara.

"Likita, ƙyalle ɗaya babu."

Dogo ya sa hannu ya laluba cikin mahaifar a tsanake. "Babu komai a nan. Ba zan bar ta a buɗe tana zubar da jini ba, zan ɗinke."

"Ɗinke mahaifa tunda ka duba. Amma cikin nan ba za a rufe shi ba sai na ga na ashirin."

"Sista, kin san ban taɓa barin abu a cikin mutum ba."

"Na sani. Takardar ce ba ta sani ba. Akwai wurin sa hannuna a kanta, kuma ba zan sa shi a kan sha tara ba."

Yana ɗinki, ana nema. Abokiyar aikinta ta zazzage bokitin da ake jefa jiƙaƙƙun ƙyallaye, ta warware su ɗaya-ɗaya ko biyu sun manne. Aka duba tasar mabiyiya, aka leƙa ƙarƙashin gado, aka sa Dogo ya ɗaga takalmansa ɗaya bayan ɗaya kamar dokin da ake duba wa kofato. Mai allurar kashe zafi ya ce idan ba a gani ba sai a turo injin hoto, tunda kowane ƙyalle yana da zaren da ke fitowa a hoton.

Mai ɗinki ta ji ɗakin ya canza, ta ce, "Lafiya? Me ya ɓace?"

Mai allurar ya sunkuya ya ce, "Ɗan ƙyalle ne, muna nemansa kafin mu rufe."

"Ku neme shi da kyau. Ni ma na taɓa ɗinke almakashina a cikin matashin kai."

Dariya ta kuɓuce wa kowa, ban da Goggo. Ta tsaya a kan bencinta tana bin ɗakin da ido, har idon ya sauka a kaina.

"Ungozoma. Warware tawul ɗin nan."

Na ce, "Sista, ai jaririya ce kawai a ciki."

"Warware."

Na warware. Ga shi nan a naɗe a bayan cinyar yarinyar. Ashe lokacin da likita ya miƙo ta, ƙyallen da ya riƙe ta da shi don kada ta sulluɓe ya biyo ta, ni kuma ina ɗokin kukanta na naɗe su tare. Na ɗaga shi sama, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ashirin," in ji Goggo. Suka sake ƙirgawa tun daga ɗaya su biyu, sannan ta miƙa wa Dogo zaren rufe ciki. Da ya zo kan fata suka yi ƙidayar ƙarshe, komai ya cika.

Bayan an fita da mai jego, Dogo ya zauna a teburin bakin ƙofa ya jawo takardar. Ina tsaye kusa ina rubuta nauyin jaririya. Ya cike dalili, ya cike abin da ya tarar, ya rubuta cewa a kwance ya yanka ƙasan mahaifa. Da ya iso gurbin jini ya ce, "Ɗari biyar."

Goggo ta ce, "Ɗari takwas da hamsin." Ta riga ta sa an ɗora jiƙaƙƙun ƙyallayen a sikeli an cire nauyinsu na bushe, kowane giram mililita ɗaya, an haɗa da abin da ke kwalbar injin zuƙe jini bayan an fitar da ruwan faya.

Ya dube ta ta saman tabarau. "Da ido na ce ɗari biyar."

"Ido yana da kara, ranka ya daɗe. Sikeli ba ya jin kunyar kowa."

Ya rubuta nata, ya ƙara da cewa a auna ƙarfin jinin matar washegari. A gurbin ƙidaya ya ɗaga biro zai yi alamar "daidai" kawai, sai ya fasa. Ya rubuta cewa a ƙidaya ta biyu an rasa ɗaya, an same shi a tawul ɗin jaririya, an sake ƙirgawa ya cika. Ya cike ɗinki: mahaifa hawa biyu, bangon ciki, fata da zaren da ke narkewa da kansa. Ya miƙa wa Goggo biron ya ce, "Sa hannunki, Hajiya, kafin ki sa a auna ni ma a sikeli."

Ranar sallama mai ɗinki ta sa aka ba ta madubi ta duba aikin, ta ce ba laifi, za ta iya ɗaukar Dogo a shagonta. Shi kuma ya zauna a bakin gado da takardar a hannu, ya bayyana mata cewa zaman da yarinyar ta yi ne ya jawo tiyatar, ba wani ciwo a jikinta ba. Ya ce ta huta kamar shekara biyu, kuma idan wani cikin ya zo da kai a ƙasa, za a iya duba yiwuwar ta haihu da kanta, amma a asibiti. Ya sa aka yi mata kwafi, ya ce duk inda ta je awo ta tafi da shi.

Daga ranar bai sake jan dogon layinsa ba. Har ya zama idan sabon likita ya bar gurbi, shi ne ke bin sa da takardar har wurin ajiye motoci.

Ni kuwa da muka tashi aiki ranar da abin ya faru, na bi Goggo zuwa tasha ina riƙe mata jaka. Na ce, "Goggo, don girman Allah kada babana ya ji."

Ta ce, "Haba 'yata, ni da ke? Sirrin aiki ai sirri ne."

Na isa gida na tarar da babana zaune a ƙofa, waya a hannu, yana share hawayen dariya. Ko sallamata bai amsa ba ya ce, "Zo nan, buɗe jakarki in gani. An ce yanzu har jarirai kike koya wa ɗauke-ɗauke."