Kwalba Huɗu na Malam Mani

Sau nawa ka ce wa mai saye "orijina ne" alhali kai ma ba ka sani ba? Ni na ƙirga nawa, na ji kunya. Malam Mani, maƙwabcina a kasuwar Runka, sau ɗaya ya faɗa cikin shekara goma sha tara da ya yi yana sayar da maganin ciyawa.

Daga dila guda yake sarowa a Katsina, da rasit. Daminar bara waccan hanya ta ɓaci, kwana goma sha biyu kaya ba su iso ba. Sai wani mai a-kori-kura ya kawo katan biyu na kamfanin da manoma suka yarda da shi. Takardar jikin kwalba daidai, murfi a liƙe, har da lambar rajista. Rasit ne babu. Mani ya san ana tsintar tsofaffin kwalabe a ɗura wani abu a liƙe, amma ya saya.

Ran kasuwa amininsa Armaya'u ya zo daga ƙauye. Gonarsa ɗaya ta rage, ta bakin gari, sauran ba sa zuwuwa saboda 'yan bindiga. 'Ya'yansa maza sun tafi neman abinci.

"Tsohon banza, na kamfanin ne ko ruwan rijiyarku?"

"Orijina ne, uban 'yan mita. Ɗauki."

Kwalba huɗu ya ɗauka. Ya fesa wa ciyawar, kashegari ya shuka dawa. In maganin kirki ne, cikin mako ciyawa kan fara ja. Kwana goma, tana nan shar. Matarsa Tasalla ta ce ya nemo 'yan ƙwadago, ya ce Mani ya ce orijina ne, a ƙara haƙuri. Ya jira kwana ashirin, ciyawa ta danne dawa. Gonar da ke ba shi dami arba'in ta ba shi bakwai.

Ina nan ranar da ya dawo. Bai ɗaga murya ba.

"Mani, da ka ce mini ba ka sani ba, da na shiga da fartanya tun kwana bakwai. Maganarka na jira, ba magani ba."

Mani ya kawo buhun dawa biyu daga rumbunsa, Armaya'u ya ce a bar su. Bayan girbi Armaya'u ya kwashe iyali zuwa Katsina, yana gadi.

Yanzu kanta biyu ne a shagon Mani. Ta sama mai rasit. In ka nuna ta ƙasa sai ya ce, "Sunan kamfanin ne a jiki, amma ba ni da shaida. Gwada a kunya biyu, ka ba shi mako." Na ƙirga, cikin mutum goma uku kan juya su tafi. Yakan bi su da ido kawai. Sau shida ya aika wa Armaya'u gaisuwa, amsa ba ta zo ba.

Ɗan'uwa, kasuwa mai zuwa, duk kayan da ba ka da shaidarsa, ka daure ka ce "ban tabbata ba". Gwada ko na yini ɗaya.