Wayar da Baba Lawwali Ya Ɓoye Kamar Masara

"Nawa ya ce maka?"

"Arba'in."

"Wannan wayar? Ai ko ƙwarzane babu."

"Haka na ce mashi. Ya ce ba fuskarta zai saya ba, cikinta zai saya."

Duk wanda ya ji irin wannan magana a kasuwar Yankara ya san daga teburin Mas'ud aka fito. Mas'ud ɗan Mairuwa ne. Da caji ya fara, da ɗan janareto da allon soket, har ya koma saye da sayar da wayoyin hannu na biyu. Ba ya yi wa waya kuɗi da ido. Sai ya duba gilashi ko an taɓa canzawa, ya gwada wurin caji da lasifika, ya nemi kwali ko rasit, ya sa mai ita ya cire asusunsa. Daga nan ya cika ta da wuta, ya kunna bidiyo, ya ci gaba da hira yana leƙen yadda caji ke sauka. Yakan ce a garin da wutar lantarki baƙuwa ce, batir shi ne rabin waya.

Mutum ɗaya ne bai iya yi wa wannan ba: surukinsa, Baba Lawwali, mahaifin matarsa Hamida, tsohon ɗan kasuwar hatsi.

Da damina ta kawo jiki, Baba Lawwali ya zo da wata waya a kwalinta, naɗe cikin ɗankwali. Ɗansa ne ya aiko mashi daga Kaduna shekara uku da suka wuce. Sati guda ya riƙe ta, ya koma wa ƙaramarsa mai tocila, ya kulle wannan a akwati.

"Ajiye ta na yi sai ta yi tsada," in ji shi. "Yanzu kau komai ya ninka. Dubu ɗari da hamsin, in sai taki."

Mas'ud ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Da ƙyar ta ɗauki caji, bayanta ma ya ɗan tasa. Batirin ya lalace a zaune. Ga shi samfurin ya tsufa, ma'ajiyarta kaɗan. In ya biya abin da aka ce, rabin jarinsa ya tafi. In kuma ya buɗe baki ya taya surukinsa, da wane ido zai shiga gida?

Sai ya share benci.

"Baba, ku zauna a inuwa. Ni ba ni da bakin yi wa kayanku kuɗi. Mu ɗora ta a tebur, mu ji abin da kasuwa za ta ce."

Wani ɗan acaba ya fara ɗauka. Ya juya ta, ya shafa bayan.

"Mas'ud, wannan ciki gare ta? Wata nawa?"

Mas'ud ya yi tari, yana nuna benci da ido. Ɗan acaban bai gani ba.

"Talatin da biyar, don dai gilashin."

Wata malamar asibiti ta tambayi girman ma'ajiya, da ta ji, ta ce hotunan bikin suna guda ɗaya za su cika ta. Ta taya arba'in. Wani kuma ya ce in an sa sabon batir zai ba da sittin, ya bar lambarsa.

Baba Lawwali na zaune yana jan carbi. Can ya ce, "Kai ɗan nan, su duka ukun ba su san juna ba ko?"

"Ba su sani ba, Baba."

"To ba haɗin baki ba ne." Sai dariya ta ƙwace mashi. "Ashe ita ma tana yin ƙwari! Ni da na ke faɗa wa mutane kar su ajiye wake ba magani."

"Ita dai ko da magani, Baba, kullum sabuwa ta fito, ta jiya sauka take."

Mas'ud ya kai ta wurin mai gyara, aka sa batir na dubu tara. Ya cika ta, ya kunna bidiyo a gaban tsohon, caji ya tsaya da ƙafarsa. Ya kira mai sittin, ya gaya mashi batirin canji ne, ba na kamfani ba. Mutumin ya zo ya gwada da kansa, aka sallama mashi. Mas'ud ya so ya bar kuɗin batirin a kansa, Baba ya ƙi, har da la'ada ya tura mashi a aljihu.

"Surukuta daban, kasuwa daban. Takin dai ba zai kai yadda na so ba, amma ya fi a ce na ƙara mata shekara."

Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya yi taku biyu, sai ya juyo yana rage murya.

"Mas'ud, akwai ta uwar Hamida, ita ma tana akwatin tun bara. Don Allah in ka tashi kasuwa ka biyo ka ɗauke ta, tun cikin bai fito ba."