Layi na Shida

Ranar da kwamitin zai zauna, ruwan sama ya kwana yana zuba, gari ya waye bai ɗauke ba. Magatakarda ta iso ofishin lafiya da takalminta a hannu, kwamfutarta a cikin leda, gefen zanenta ya jiƙe sharkaf. A ofis kowa da wannan suna yake kiranta, har masinja, don kusan shekara ashirin ita ce ke karɓar rahoton ƙananan asibitocin ƙauyuka tana haɗawa.

Ita ma 'yar ƙauye ce. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, kawunta ya riƙe ta, ya sa ta makaranta lokacin da nasa 'ya'yan suke gona. Mace ce mai shiru, ba ta iya jayayya, amma ba a taɓa kama ta da ƙara ko rage abu a rahoto ba. Aibinta ɗaya: ba ta iya barin komai a baya. In ta zana jadawali, sai kowane asibiti ya sami layinsa, don ta san ungozomar da ke kowanne, ta san hanyar zuwa can.

Wannan hali ne ya jawo musu asara bara. An ce za a ba da motar ɗaukar marasa lafiya guda ɗaya, a nuna wa kwamiti inda ta fi dacewa. Magatakarda ta haska jadawalinta a majigi yadda yake: asibitoci fiye da ashirin, kowanne da lambobi birjik, rubutu ƙanana kamar tururuwa. Shugaban kwamiti ya cire tabarau ya mayar, ya ce, "Baiwar Allah, ina za mu duba?" Wani ya tsinci wata lamba a ƙasa ya kama gardama a kanta, lokaci ya ƙare. Motar ta tafi wani yanki. A damunar nan 'yar kawunta, wadda take kira ƙanwa, ta rasa jaririnta a hanya, a bayan motar kaya.

Bana da maganar mota ta sake tasowa, darakta ya kira ta.

"Magatakarda, kada ki sake shimfiɗa mana tabarmar nan taki a bango. Minti kaɗan za su ba mu. Layi biyar, lamba ɗaya da za ta tsone musu ido. Sauran ki buga a takarda, mai son karatu ya tafi da ita gida."

"Ranka ya daɗe, sauran fa mutane ne."

"Bara ma mutane ne. Wa ya gan su?"

Ta koma teburinta ta fara yanka. Tambayar kwamiti ɗaya ce: a wane asibiti ne matan da naƙuda ta yi wa tsanani ba sa isa babban asibiti kan lokaci? Sai ta cire duk abin da bai amsa wannan ba, yawan ma'aikata, yawan gadaje, allurar rigakafi. Ta bar sunan asibiti, da yawan matan da aka tura, da kason waɗanda suka makara. Ta jera su daga mafi muni zuwa ƙasa. Asibitin bayan dutse ya hau sama da kashi sittin da ɗaya cikin ɗari, babu na kusa da shi. Ta ƙirga biyar ta ja layi. Ƙauyensu ne na shida.

Ta daɗe tana kallonsa. A cikin lambar nan ta layi na shida akwai ƙanwarta, wadda yanzu ma ciki gare ta.

Labari ba ya ɓuya, direban ofis ya kai shi ƙauye. Ana saura kwana kaɗan kwamiti ya zauna sai ga Kawu a ƙofar ofis da sandarsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo masa ruwa.

"An ce ke ce mai rubuta sunayen," in ji shi.

"Kawu, ni jerawa kawai nake yi."

"To ki jera mu mana. Ko hannunki ciwo yake yi? Layi ɗaya ne fa, 'yar nan. Ni da na kai ki makaranta ban ce ki biya ni ba. Ƙanwarki kin san halin da take ciki."

Ta ce za ta duba, kuma ta duba ɗin. Bayan an tashi aiki ta shiga zauren taro ita kaɗai, ta kunna majigi. Ta mayar da layi na shida. Lambar bayan dutse ta yi mata ja, ta ƙara mata girma, ta ƙauyensu kuma ta shafa mata ruwan ɗorawa. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ta taka har kujerar ƙarshe, inda dattijan kwamiti masu raunin ido suke son zama, ta juyo. Idonta ya faɗa kan ja, ya sauko kan ɗorawa, ya koma, ya rasa inda zai tsaya. Ta san abin da zai biyo baya: wani zai tambayi me ya sa aka yi wa na shida launi aka tsallake na biyu, gardama ta tashi, a tashi babu mota. In kuma an sa na shida, me na bakwai ya yi?

Ta goge ɗorawar. Ta haɗa na shida da duk na ƙasa da shi a layi ɗaya mai suna "sauran asibitoci", da kasonsu a haɗe, da 'yar sanarwa cewa cikakken jadawali yana takarda. Sauran lambobin ta mai da su ruwan toka. A sama ta rubuta jimla ɗaya: a bayan dutse, mata shida cikin goma ba sa isa kan lokaci.

Shi ne shafin da ta haska a safiyar ruwan nan. Ruwa yana ta ƙara a kan kwano. Shugaba bai ko taɓa tabaransa ba. Ya ce, "Shida cikin goma? Innalillahi." Tambaya biyu aka yi, ta amsa daga takarda. Kafin azahar an sa hannu, mota ta zama ta bayan dutse. Darakta har da tafa mata. Takardun da ta raba kuwa, da ta dawo kwashe kaya, ta tarar da yawancinsu a kan kujeru, wata an ɗora kofin shayi a kai.

Da yamma ta kira Kawu ta faɗa masa da bakinta. Ya ce, "Allah ya sa alheri," ya kashe wayar.

Da watan haihuwa ya kama ta ɗauki hutu, ta yi shatar mota ta je ƙauye, ta ɗauko ƙanwarta ta kawo ta gidanta, ta ba ta ɗakin 'ya'yanta. A nan ta zauna har ta sauka lafiya a babban asibiti. Sauran matan ƙauyen ba su da yaya a gari, Magatakarda ta fi kowa sani, don duk wata lambarsu tana zuwa teburinta.

Har yanzu tana ofishin nan, ita ke shirya wa darakta shafukan majigi. Ƙauyensu bai sami mota ba. Kawu yana amsa gaisuwarta, amma tun ranar bai sake kiranta 'yar nan ba.