Waƙar Niƙa Bayan Takaba

A shekarun da kuɗin mai suka cika gari, injin niƙa ya iso Ƙofar 'Yandaka, duwatsunmu suka yi shiru. A lokacin ne jikana yake karatu a babbar kwalejin malamai. Malaminsu na Hausa ya ba su aiki: kowa ya samo tsohuwa, ya ɗauki waƙoƙinta na niƙa a kaset, ya rubuce su ya kawo.

"Tsohuwa, yau kin yi rana," in ji shi.

"Miji marowaci, ko goro babu?" na ce.

Mun kai rabi ke nan Allah ya karɓi ran kakansa. Na shiga takaba. Baki ya ƙi waƙa, kalmar miji kuma ta yi mini nauyi ko da wasa. Yaron bai sake tayar da zancen ba.

Wata rana da hantsi na ji shi a zaure yana rera wani abu, ba kai ba gindi. Na kira shi. Ashe ranar miƙa aiki ta matso, shi ne yake ƙago sauran da kansa. In bai kai ba makinsa ya zube, sai ya maimaita darasin baɗi.

"Ƙarya za ka sa a bakina? Je ka roƙi malaminka ya ƙara maka kwana."

"Iya, da wane ido?"

"Da wanda ka gada. Tafi tun ranar ba ta zo ba."

Ya tafi da kaset da abin da ya rubuta. Da ya dawo ya ba ni labari, har yadda ya durƙusa a ofis aka ce ya tashi ya hau kujera. Malamin ya yi masa ta'aziyya, sannan ya yi faɗa: "Mi ya hana ka zuwa tun farko? Babu wata tsohuwar a unguwarku?"

"Akwai, Malam. Amma da muryarta na fara."

Malamin ya kunna kaset ya saurara. Ya tambayi ranar fitata takaba, ya duba kalanda.

"Juma'ar makon da za ta fita. Ban iya wuce nan, don ni ma akwai ranar da ake karɓar maki a hannuna."

Ranar Laraba na yi wankan fita. Alhamis da safe na sa aka wanke dutsen niƙa, na zuba gero, na durƙusa. Da na zo baitin da marigayin kan tsaya a bakin ƙofa ya saurara, murya ta karye. Yaron ya kai hannu zai kashe rikoda.

"Bar ta," na ce. "Malaminka ya jira, bari ya ji duka."

Ya wuni yana rubutu. Juma'a da safe ya ɗaure takardunsa a bayan keke. Har ya kai zaure na ɗaga murya:

"Miji! In ka dawo ba goro, kada ka shigo mini gida."