Kujera Ta Shida

Shekarar da ɗana ya koma Ɗan Issa da aikin mota, ya bar mini gidansa da kayan ciki in ba da haya. Wani malamin asibiti ya kama. Ranar karɓar makulli ya ce, "Inna, sai mun rubuta komi." Muka bi ɗaki-ɗaki, maƙwabcinmu na shaida: gado da katifa, tebur, kujeru, firigon sanyaya ruwa na kananzir mai tsagaggen murfi. Ya sa hannu, na dangwala yatsa, kowa ya riƙe takardarsa.

Bayan damina biyu aka canza wa malamin wurin aiki, ya zo maido makulli. Na ƙirga kujeru, biyar, ni kuwa shida na sani. Kalmar sata ta zo har bakina, na haɗiye ta, na ce maƙwabci ya karanta takardun tukuna.

Ya karanta tawa: "Kujeru biyar." Ta malamin ma haka.

Nan na tuna, tun kafin hayar ƙanwata ta ari ɗaya ranar suna a Safo, ba ta maido ba.

Na zauna ƙasa ina hamdala. Da na ɗora wa ɗan mutane sata, da wace fuska zan tsaya gaban Allah? Na karɓi makulli, na sa masa albarka.