Takardar da ta matse aji

Ni birkila ne, boko na tsaya a firamare, amma na san ruwula. Lokacin da za mu haƙa tushen ajin Islamiyya a Masanawa, aka kawo mini zane daga Gwarzo. An rubuta santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ne a ƙasa. Na auna bangon mita goma, ruwula ta ce bakwai. Layuka duk sirara, ba ka bambance bango da layin awo.

Na hau babur na sami wanda ya yi zanen da faɗa. Mai zanen dattijo ne, rawar hannu ce ta raba shi da alƙalami ta haɗa shi da kwamfuta.

"Malam, aji za mu gina ko akurki?"

Bai musa ba. Ya ce a girman babbar takarda A3 ya yi zanen a kwamfuta, mai shagon bugawa ya matse shi cikin ƙaramar takarda A4. Sirantar layi kuwa laifinsa ne, bai zaɓi kauri ba. Kunya ta kama shi har na tausaya masa.

Ya sake fitarwa, bango da kauri. Muka tsaya kan mai bugawa, A3, ban da ragewa. Malam ya ɗora ruwulata, hannunsa na rawa. Goma cif. Washegari muka ja igiyar tushe.