Ban-Rantse-Ba Mai Agogo

Jikana mai sayar da agogo, wanda nake tsokana da maigidana, tun yana ƙarami bai iya shafa wa zance mai ba. Ka tambaye shi ko miya ta yi daɗi, sai ya ce ta dai yi zafi. Da ya girma ya kama shago a layin masu agogo, na ce to, yunwa ta samu masauki.

A hannun dillalai yake saro kaya, wasu a kwali, wasu tsirara, ba rasit ba katin garanti. Maƙwabtansa kowane agogo orijinal ne a bakinsu, har da rantsuwa. Shi kuwa sai ya juya agogon ya ce, "Ga sunan kamfani a fuska, kuma yana tafiya daidai. Shaida dai ba ni da ita. Ko na asali ne ko kwaikwayo, ban rantse ba." Da haka sunan ya bi shi. Matarsa ma, in ranta ya ɓaci, da shi take kiransa.

Na sha ce masa, "Maigida, kai ko ni za ka sayar, sai ka gaya wa mai saye haƙorana nawa suka zube."

Ya ce, "Ai ke, Kaka, ko kwali ba ki da shi."

Ana nan wani direba ya sayi agogo a wurinsa ya kai wa surukinsa. Agogon ya tsaya. Mai gyara ya buɗe bayansa, ya ce injin ba na kamfanin ba ne. Direba ya kai ƙara gun shugaban layin, inda dokarsu ta ce duk wanda ya sayar da jabu da sunan orijinal, a rufe shagonsa. Shagon nan kuwa shi ke ciyar da gidan, har da ni da goron bakina. Na ja ƙafa na bi su ofishin, na zauna a benci, na kuwa san ba wanda ya ji cinikin sai su biyu.

Direba ya yi ta kumfar baki, wai an kunyata shi gaban suruki. Shugaba ya ce, "Malam, ya ce maka orijinal ne?"

"Wannan? Mutumin da na yi ta lallaɓa ya rantse ya ƙi? Sai wani karkata kai yake, wai ban rantse ba, ban rantse ba."

Har da kwaikwayon muryar. Ofishin ya tuntsire da dariya. Shugaba ya share hawaye ya ce, "To ai ka gama ba shi shaida."

Jikana ya karɓi agogon ya ce zai musanya masa, tunda ya tsaya, shi da dillalin da ya saro agogon a hannunsa kuma sun raba gari. Shago bai rufu ba.

Muka kama hanyar gida. Na ce, "Maigida, ka ga na tsaya maka. Kana sona kuwa?"

Ya karkata kai. Na ɗaga sanda kafin ya buɗe baki.